Kitson Auta: Sai Da Muka Yi Gwaji Kafin Biki

Duk wanda ya san ni ya san ba na ɗaura ɗankwali a tsakiyar kai. Kullum sai na jawo shi har ya kusa taɓa gira. Wasu sun ɗauka gayu ne, wasu kuma sun ɗauka ustazanci ne. To ba ko ɗaya. Gefen goshina ne nake ɓoyewa, inda gashi ya tafi tun bikina a daminar 2014, kuma har yau bai dawo yadda yake ba.

Mu 'yan gidanmu Allah Ya ba mu gashi. Innarmu tana da jinin Fulani, kuma a yankinmu na Kurgu, can ƙasar Bagudo kusa da iyakar Benin, ba abin mamaki ba ne ka ga yarinya da jelar kitso har gadon baya. Amma namu ba tsawo kaɗai ba ne, har da cika. Irin gashin nan ne da in makitsiya ta ga an tuɓe ɗankwali sai ta yi ajiyar zuciya, ta tambaya ko an ci abinci.

Ga abin da ya same ni, a taƙaice. Saura kwana uku ɗaurin aure aka kai ni gari aka shafa mini rilaksa, wai don gashin ya kwanta. Ana gobe ɗaurin aure aka sake wanke kan da hantsi, hadari ya haɗo, rana ta ɓuya, aka ce ai ya bushe, aka zaunar da ni. Daga azahar har bayan isha'i ana ja. Na yi kuka, mata suna dariya suna cewa amarya ta fara kukan rabuwa da gida. Daren nan a zaune na kwana, don ko'ina na ɗora kaina sai in ji kamar an soka mini allura. Kwana huɗu da tarewa kan ya fara wani irin wari na tsumman da bai bushe ba, ga ni a ɗakin miji, ga kunya. Da aka zo tsifa, gashin gefen goshina ya biyo mataji har da saiwarsa. Daga baya wata ma'aikaciyar asibiti ta yi mini bayani cewa in jan gashi ya yi yawa, musamman a kan gashin da magani ya riga ya raunana, saiwar takan ji rauni, kuma in aka ci gaba da ja a wuri ɗaya sai ta mutu gaba ɗaya. Ni kuwa ban sani ba, na ci gaba da matsattsen kitso har shekara biyu don in rufe wurin. Na ƙara wa Barno dawaki ke nan.

Shi ya sa ranar da aka tsayar da bikin Autarmu, Asabar 23 ga Disamba, 2023, na ce wa Inna kowa ya ɗauki aikinsa, masu gara su yi gara, masu jere su yi jere, amma kan amarya nawa ne. Na kuma ce za mu yi gwaji, saura mako shida.

Gwaggonmu ce ta fara tsalle. "Gwaji? Mi za a gwada? Tun da anka haihe ni ban taɓa jin an gwada kitson amarya ba. Riga ce? Ku dai 'yan Birnin Kebbi ba ku rasa sabon salo."

Na ce, "Gwaggo, ai rigar ma da ake gwadawa in ta matse tuɓe ta ake yi. Kitso fa?" Na ɗan ja ɗankwalina baya. Ta kalli wurin, ta kau da kai, ba ta ƙara magana ba. Ita ce ta riƙe mini kai a daren nan na 2014.

Ita kanta amaryar ma ba ta zo da sauƙi ba. Auta ta tashi da kallon finafinan Indiya, kuma a wayarta ta tara hotunan amare masu sakakken gashi yana zuba a kafaɗa. Rilaksa take so, a sake shi, a yafa mayafi shara-shara a kai. Na zaunar da ita na ce ta faɗa mini a wane lokaci ne cikin bikin nan za a ga gashin nata a sake. Ranar kamu a lulluɓe take. Ranar wuni gwaggwaro za ta ɗaura. Ranar kai amarya a cikin mayafi za ta shiga mota, a bi jar hanya cikin ƙurar hunturu. Ita ba 'yar fim ba ce da za a ce "kat" a zo a gyara mata kai a sake ɗauka. Sannan gashinta bai taɓa ganin rilaksa ba, kuma ranar biki ba ranar fara sanin yadda fatar kanka za ta karɓi magani ba ce. Ko waɗanda suka saba yi, ana so a bar aƙalla mako biyu tsakanin shafa shi da yin kitso. Ta zumɓura baki ta ce, "Yaya, ke dai komai sai kin kawo lissafi." Amma ta yarda a gwada shuku ƙanana, tunda shi ƙawayenta suke yayi.

Ranar Asabar 11 ga Nuwamba muka yi gwajin. Kafin makitsiya ta taɓa kan, na ari tef ɗin tela na auna. Da aka miƙar da gashin ƙeya, inci 18 ne. Da na tattara shi duka a hannu kamar za a ɗaure, kaurin dunƙulen ya kusa inci 5. Makitsiyar, dattijuwa ce da muke kira Baba, wadda ta yi wa rabin matan unguwarmu kitson aure, tana kallona tana murmushi kamar ta ga taɓaɓɓiya. Na kuma ajiye agogo a gefen tabarma.

An fara ƙarfe tara na safe. Ba a gama ba sai wajen biyar da rabi, har da tashi sallar azahar da la'asar da ɗan cin abinci. Na ƙirga kitso 64. Kowane ɗaya yana cin kamar minti bakwai, kun ga awa bakwai da rabi ke nan na zama zalla. A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun da nake zama gaban makitsiya: a dogon gashi, ba kitsa fatar kai ne ke cin lokaci ba. Baba kan gama layin da ke kwance a kai cikin minti uku, sauran huɗun duk a jela suke tafiya, tana kitsawa tana warware bakin gashin da ke harɗewa. Kuma daga kitso na arba'in hannunta ya gaji, ita ma Auta wuyanta ya ƙage, sai ja ya ƙaru, don mai gajiya da ƙarfi take kamawa.

Kitson ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Duk wadda ta shigo sai ta ce tubarkalla. Da a ce a nan muka tsaya, da mun ce an gama magana. Amma ni ba kyau na zo gwadawa ba. Na ce a kawo ashoken da za ta ɗaura ranar wuni.

Nan aka fara ganin matsala. Shuku yana tattara jela duka a tsakiyar kai, to jela 64 masu wannan tsawo da aka naɗe su sai suka zama wani tulu kamar an kifa ƙwarya. Ƙawarta mai ɗauri ta yi ta yi, gwaggwaron ya ƙi zama. In an ja shi gaba ya rufe goshi sai bayan ya ɗage, in an ja baya sai ya zame. Da aka matsa shi da ƙarfi ya zauna, minti ashirin Auta ta ce jijiyar kanta na harbawa. Ku tuna ranar wuni amarya takan yi awa huɗu ko biyar da ɗauri a kai.

Na ce ta kwana da shi, kada ta sha maganin ciwon kai, don in ta sha ba za mu san gaskiya ba. Da safe na ɗaga ta zuwa hasken ƙofa. Abu uku nake dubawa, kuma duk na same su. Fatar da ke tsakanin layukan ta ɗago tana sheƙi. A bakin goshi da bayan kunne ƙananan ƙuraje sun fito, wasu da farin kai, daidai gindin gashin. Da na ce ta ɗaga gira ko ta sunkuyar da kai kamar mai sujada, sai ta yamutsa fuska. Nauyin tulun nan yana jan layukan ƙeya sama, yana jan na goshi baya. Ɗan zafin da ya wuce cikin 'yan awanni ba komai ba ne, amma wanda ya kwana ya wuni, har da ƙuraje, saiwa ce take kuka. A ranar na tsefe layukan goshi guda shida. Sauran muka bar su kwana goma don mu ga yaushe kitson zai fara tashi. A kwana na takwas ya fara furfurɗewa a gaba, amma ya fi kyau a kwana na uku da na huɗu, lokacin da fatar ta saki, layukan suka kwanta. Wannan ma darasi ne: kitson da aka gama jiya bai kai na shekaranjiya kyau ba.

Sai na koma wajen Baba, da goro na da ɗan turare, don gyara wa gwani aiki sai da lallashi. Na ce aikinta ba shi da aibu, kan ɗiyarta ne ya fi ƙarfin shuku. Ta ce, "Ɗiyata, kitson da bai yi zahi ba ai ba ya daɗewa." Na ce mun yarda ya yi mako biyu maimakon wata guda. Muka zauna muka tsara wani. Zane ne zuwa baya, layi 36 maimakon 64, 'yan madaidaita, da ɗan lanƙwasa a gefe don ado. Ƙananan gashin bakin goshi ba za a kama su ba ko kaɗan, za a bar kamar faɗin ɗan yatsa. Jelar kuma ba sama za ta hau ba: za a raba ta biyu a ƙeya, a kitsa kowane rabi ya zama babbar kalaba, a naɗe su a kwance kamar gammo mai faɗi a ƙasan ƙeya, a kama da baƙin zare. Nauyin sai ya sauka kusa da wuya, inda ba ya jan komai, ɗauri kuma ya sami wurin zama a samansa. Na roƙe ta ta zo da jikarta, in ta gama layi ta miƙa mata jela ta ƙarasa, ita ta wuce na gaba. Wannan karon ba mu kitsa kan duka ba. Layi goma muka yi a gefe ɗaya, sauran aka kama da manyan kalaba, aka naɗe gammon aka ɗora ashoke. Ya zauna daram.

Daga nan har saura mako guda, hutu muka ba kan. Manyan kalaba takwas sakwa-sakwa, ana shafa ɗan man kaɗe a bakin gashin duk bayan kwana uku, ana kwana da ɗankwali mai santsi. Man kaɗe dai ba ma sayen na kanti, ƙasarmu ƙasar kaɗanya ce, daga nan har tsallaken iyaka. Auta ta so a nemo mata wani haɗin da aka ce yana ƙara tsawo kafin biki. Na ce gashin mutum dududu abin da yake ƙaruwa a wata bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba, ko me aka shafa. Ba tsawo muke nema ba, kada wanda ke akwai ya karye muke tsoro, don iskar hunturu tana busar da gashi har ya riƙa ɓallewa a baki. Da aka fara dilka, saura mako biyu, na kafa doka: a ɗaure kan da leda sannan ɗankwali kafin a fara murza, a cire ledar da an gama. Dilka da kurkum in suka shiga gindin gashi mai cika, sai wankin gaske.

Yanzu ga makon biki, wanda shi ne ainihin abin da na zauna na lissafa. Daga baya na faro, daga ranar Asabar. Ina so kitson ya kwana uku, to Laraba ke nan. Ƙunshi ranar Alhamis da safe, kamu da yamma. Dole wankin kai ya riga ƙunshi, don mai sabon lalle ba ta jiƙa hannu a ruwan sabulu, kuma ba a haɗa mata zaman kitso da zaman lalle a rana ɗaya, bayanta ba zai ɗauka ba. In kitso Laraba ne, Talata duka ta shanya ce. Wanki kuma Litinin.

Litinin da hantsi, bayan sanyi ya sake, muka tsefe. A nan mutane da yawa suke kuskure: suna tsefewa su zuba ruwa. Mutum yakan zubar da gashi hamsin zuwa ɗari a kowace rana, kuma in kan a kitse yake, wanda ya zube ba ya faɗuwa, yana nan maƙale a ciki. In ruwa ya taɓa shi kafin a taje, sai ya naɗe da mai rai ya zama dunƙule, wanda wani lokaci sai almakashi. Don haka kashi-kashi muka bi, da yatsu tukuna, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi. Da Auta ta ga abin da ya taru a cinyarta ta zaro ido, na ce na mako uku ne, ba na yau ba. Kowane kashi da aka taje sai a murɗe shi, kuma a murɗen aka wanke, ana cuɗa fatar kai da tafin yatsu. Shamfu sau biyu da ruwa mai ɗumi, sannan ruwan karkashi da aka jiƙa aka tace, don yauƙinsa yana sa mataji ya wuce ba gardama. Ɗauraya kuwa bokiti uku ta ci. Karkashi in ya saura a cikin gashi mai yawa, da ya bushe sai ya fito fari-fari kamar amosani.

Shanya ita ce inda aka kashe ni a 2014, don haka a nan na fi tsanantawa. Ba mu da wutar da za a dogara da ita balle diraya. Bayan an tsane ruwan da tsohuwar atamfa mai laushi, sai muka raba gashin goma sha biyu, aka naɗe kowane kashi da zare daga gindi zuwa baki, irin kitson zare, amma da tazara don iska ta shiga. Zaren yana miƙar da gashin ba tare da wuta ko magani ba, abin da rilaksar da take nema za ta yi ke nan. Ta wuni a inuwar zaure ba ɗankwali. Talata da azahar Gwaggo ta taɓa ta ce ya bushe ƙayau. Na warware kashin tsakiyar kai, inda ya fi cika, na tura yatsa har fata. Sanyi na ji. Gashi mai cika yana yaudara: waje ya bushe, ciki da danshi, kuma alamar danshin ita ce sanyin nan. Na danna farin ƙyalle a gindin, ya ɗan yi duhu. Muka raba kashin nan biyu muka sake naɗewa. Sai bayan magariba ya bushe, a cikin hunturu ke nan fa. Da damina ce da sai an ƙara yini. Bayan nan ne aka turara shi da turaren wuta, don hayaƙi a jiƙaƙƙen gashi ba ƙamshi yake bayarwa ba.

Laraba kuwa sai da gabana ya faɗi. Mun yi da Baba ƙarfe takwas, har goma ba ta zo ba. Ashe maƙwabciyarta ce ta haihu da asuba. Sai sha ɗaya saura ta shigo da jikarta tana ba da haƙuri. Da shukun nan ne mai awa bakwai da rabi, da dare ya riske mu da tocilan. Amma layi 36 da hannu huɗu, kafin la'asar an gama, har da hutun sallah. Man kaɗe cokali ɗaya kacal na narkar na ajiye mata, na ɓoye sauran, don na san hannunta. Mai in ya yi yawa yakan kama ƙura, ya ɓata ashoke, ya sa ɗauri zamewa. Ina zaune a gabansu ina kallon goshin Auta. Sau ɗaya na ga girarta ta hagu ta ɗago sama, na ce, "Baba, wannan na kusa da kunne." Ta harare ni, ta ce, "Ke kam kin cika sa ido," amma ta warware ta sake. A daren Auta ta yi barci har da minshari.

Ranar kamu, da yake a gidanmu ana yayyafa wa amarya madara da turare, na shimfiɗa ɗan tawul a ƙarƙashin mayafinta ba wanda ya sani. Madara a cikin sabon kitso, kwana biyu ta isa ta yi tsami. Ranar wuni gwaggwaro ya yi awa biyar bai motsa ba.

Akwai magana ɗaya da na ja ta gefe na faɗa mata ana gobe za a kai ta, irin wadda Inna ba za ta iya faɗa ba. Malamai sun ce ba sai mace ta tsefe kitso don wankan tsarki ba, muddin ruwa yana ratsawa har fatar kai. To gammon da aka kama da zare ba ya barin ruwa ya ratsa yadda ya kamata, kuma in ya jiƙa ba ya bushewa. Na sa mata ƙaramin almakashi a cikin jakarta, na nuna mata inda ƙullin yake. Na ce da an gama buɗar kai ta yanke zaren, ta warware manyan kalaban biyu, ta bar jela ta sauka. In ta yi wanka ta matse da atamfa, kada ta ɗaura ɗankwali sai ta ji gindin ba sanyi. Ta rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Kai Yaya!"

Dangin angon wasunsu daga Segbana suka zo, can cikin Benin. Wajen buɗar kai, da aka ɗaga mayafi, wata tsohuwa a cikinsu ta zame ɗankwalin amarya baya, ta kama gammon ta jinjina a hannu, ta tambaya cikin Hausarta mai gargada ko an yi ƙari. Gwaggo ce ta amsa tun kafin in buɗe baki: "Ko sili guda. Nata na. Sai da munka gwada tukuna." Tsohuwar ta ciro takardar sefa ta liƙa wa Auta a goshi.

Bayan kwana goma sha shida na koma na tsefe mata da kaina. Na jawo ta bakin ƙofa na duba gefen goshin nan da bayan kunne, kashi-kashi. Ƙananan gashin suna nan yadda muka bar su. Ita kuwa ko a jikinta, tana ta tambayata ko yanzu da biki ya wuce zan bar ta ta yi rilaksar.